Inda na kai a koyon rubuta takardar yabo a wurin aiki

'Yan uwa masu koyo, sannunku da ƙoƙari. Wannan makon saƙo guda na sa a gaba. Direbanmu ne ya tura wa mai kula da sito ta WhatsApp, a wurin aikinmu da ke Asawase, nan Kumasi: "Yaya, Allah ya saka da alheri, jiya kin fitar da mu kunya wallahi." Manaja ya ce in mai da shi takardar da za a sa a fayil ɗinta, a duba ranar da za a yi maganar ƙarin girma.

Saƙon ya yi daɗi, amma wanda zai buɗe fayil baɗi bai san wace kunya ake nufi ba. Godiyarmu ta yau da kullum addu'a ce da yabon hali, ita kuwa takardar ofis aikin take nema. Don haka kafin in ɗauki biro sai na nemi direban na tambaye shi: me ta yi, yaushe, kuma da ba ta yi ba me zai faru? Ashe motar Tamale ce za ta tashi da asuba, takardar kaya ta ce buhun shinkafa 120, ita kuma ta ƙirga 108 a cikin mota. Ta tsaya har bayan isha'i aka sake ƙirge, aka ciko sauran. Na duba littafin sito, lissafin ya yi daidai. Kada ku tsallake wannan dubawar, don mai godiya yakan ƙara gishiri ba da gangan ba.

Ga abin da na rubuta: "Ranar Talata, kafin tashin motar Tamale, ta gano giɓin buhu 12 tsakanin takardar kaya da abin da aka loda. Ta tsaya bayan tashi daga aiki har aka cike giɓin, kayan suka isa wurin mai su cif, a kan lokaci."

Da farko manaja ya so a sa "ta ceci kamfani daga babbar asara". Ban sa ba. Buhu 12 buhu 12 ne, kuma idan aka kumbura magana, mai karatu zai fara shakkar sauran. Na kuma cire sunan yaron da ya yi kuskuren lodi, don takardar yabo ba wurin tona asirin wani ba ce. Masu dako biyu da suka tsaya tare da ita kuwa na ba su layi guda, gudun ƙorafi.

Addu'ar direban na bar ta a ƙarshe, layi ɗaya, da sunansa. Da na nuna mata, ta ce a sa a fayil amma kada a karanta a taron ma'aikata, kunya take ji. Haka aka yi. Mako mai zuwa zan gwada saƙon murya, wanda rabinsa gaisuwa ce.