Riba a littafi, aljihu a bushe

Sarin shinkafa, sukari da man girki nake yi a Kasuwar Singa da ke Kano. Ɗiyar wana tana karatun akanta, ta nuna mini darasinsu a allon waya ta ce, "Baffa, lissafin nan ya ƙi shiga kaina." Na ce ta ɗauko littafin shago mu gwada da kuɗin gaske.

Ga abin da ke shafin farko:

```
Current ratio = Current assets / Current liabilities
```

Wato ka tara duk abin da zai iya zama kuɗi cikin shekara, ka raba da bashin da za ka biya cikin shekarar. Kaya a sito na naira miliyan 6 ne, bashin da nake bin masu kantuna miliyan 3, kuɗi a hannu da banki miliyan 1. Jimla miliyan 10. Dilolin da ke ba ni kaya suna bi na miliyan 5. Sakamako ya zama 2, ta yi murna, wai malaminsu ya ce naira biyu a kan kowace naira ɗaya ta bashi lafiya ce.

Ni ban yi murna ba, domin dila ba ya karɓar buhu, kuɗi yake so. Shafi na gaba ya gaskata ni: a cire kayan sito tukuna. Saura miliyan 4 a kan bashin miliyan 5, wato kobo 80 a kan kowace naira. Kuma ko wannan akwai gyara. Cikin bashin da nake bi, miliyan 1 ya haura wata shida a hannun mutanen da kullum amsarsu "sai bayan sallah". In ka ajiye shi gefe, kobo 60 ya rage. Allon waya bai san halin mai cin bashi ba, mai shago ne ya sani.

Ɓangaren riba bai ba mu wuya ba. Cinikin shekara miliyan 60, kuɗin sayen kayan miliyan 54, ribar farko miliyan 6, kashi 10 cikin 100. Da muka cire haya, albashin yara, kuɗin dako da haraji, miliyan 3 da dubu 600, sai ta koma miliyan 2 da dubu 400. Naira 4 ke nan a kowace 100.

Ta ce to ina ribar take, tunda miliyan 1 kawai ke hannu da banki? Ai littafi yana rubuta ciniki ne ranar da kaya suka fita, ba ranar da aka biya ba. Bashin da ke waje ya fi ribar shekara gaba ɗaya, kuma miliyan ɗayan nan da ta maƙale sai na yi cinikin miliyan 25 kafin in mayar da ita.