Yadda na koyi auna aikin wanda ba na gani

Aikinmu shi ne sauraron hirarrakin da masu bincike suka naɗo daga ƙauyuka da kasuwanni, mu rubuta su kalma bayan kalma. Mutum shida ne a ƙarƙashina. Da aka kulle Kano a watan Afrilun 2020 saboda korona, kowa ya ɗauki kwamfutarsa ya koma gida, kuma ko da aka buɗe gari yawancinsu a gida suka ci gaba da aiki. A ƙarshen shekara aka miƙo mini takardar auna ƙwazon ma'aikata. Layin farko yana tambayar zuwa aiki a kan lokaci, na biyu zama a bakin aiki. Na rasa abin rubutawa, don rabona da wasunsu ya kai wata bakwai.

Sai na koma ga abin da idona ke gani, wato WhatsApp. Akwai wani saurayi da kafin in ajiye waya ya amsa, "To Yallaɓai, ana kai." Akwai kuma wata malama mai 'ya'ya uku, in na yi mata magana da hantsi sai bayan la'asar zan ji ta. Na ba shi maki huɗu cikin biyar, ita uku. Lissafi ma ya goyi bayana: a mako takwas na ƙarshe, shi yana rubuta kusan minti 320 na sauti duk mako, ita 260.

Allah ya sa kafin in sa hannu na ce bari in saurari aikin da kunnena. Ashe da yake kullum yana kan waya, shi ke fara shiga inda muke zuba sautukan, ya kwashe hirarrakin ofis, mutum ɗaya yana magana a natse. Ita sai bayan isha'i take zama, ta tarar da ragowa: mata shida a tsakar gida suna katse juna, ga ƙarar injin niƙa a maƙwabta. Duk mai wannan sana'a ya san awa ɗaya ta sauti mai kyau tana cin awa huɗu zuwa biyar, irin wancan kuwa sai ya ninka. Na ɗauki minti biyar daga tsakiyar aikin kowannensu na gwada da sautin. Nasa kuskure goma sha huɗu, har da inda ya taƙaita maganar wani dattijo maimakon ya rubuta ta yadda take. Nata uku, kuma duk inda ba ta ji ba ta sa alama da daidai mintin. Hankalina ya tashi, domin saura ƙiris in tauye mata haƙƙi, alhali ƙarin albashi ya rataya a kan makin nan.

Daga nan na daina barin kowa ya zaɓa, ni nake rabawa. Na kasa sautukan gida uku: minti ɗaya na mai kyau ɗaya ne, na mai ɗan hayaniya ɗaya da rabi, na taron mutane biyu. Rabin aikinta na taro ne, sauran rabin mai kyau, don haka 260 ɗin nan ta koma 390, shi yana nan a 320. Duk aikin da aka kawo nakan duba minti biyar daga tsakiya, saboda kowa yana kula da farkon aiki. In kuskure ya wuce biyar sai in mayar, kuma ba ya shiga lissafi sai an gyara.

Amma ban wanke ta gaba ɗaya ba. Akwai makon da taransufomar unguwarsu ta ƙone, kwana uku babu wuta, ba ta faɗa ba sai ranar da ake jiran aikin. Da na kira ta, ta ce, "Yallaɓai, na ɗauka zan iya kammalawa, kunyar kawo uzuri nake ji." Na ce, "Malama, da Talata kika faɗa, da na ba wani rabi." Wannan shi ne abin da nake aunawa yanzu a ɓangaren sadarwa. Ranar Litinin kowa ya rubuta abin da zai kawo ranar Juma'a. Wanda ya ga ba zai iya ba, ya sanar aƙalla kwana ɗaya kafin lokaci, ya faɗi inda ya tsaya. Saƙon aiki kuma a amsa shi kafin ranar ta ƙare, ko bayan minti biyu ne ko bayan awa shida, makin ɗaya ne.

Abin da lissafin bai nuna mini ba har yanzu shi ne wanda yake barin nasa ya taimaki wani. A ofis ina ganin wanda ya ja kujera kusa da sabon ma'aikaci. Yanzu sai dai duk ƙarshen wata in kira kowa shi kaɗai, in tambaye shi wa ya fitar da shi da ya maƙale, in rubuta sunan. A wata uku na farko, mutum uku daban-daban suka ambaci saurayin nan, wai shi ke gyara musu kwamfuta ta waya in ta ƙi. Na ƙara masa layi a takardarsa saboda haka.