Abin da jan biro ya ce a gefen takardata

Takwas cikin ashirin na samu a jarrabawar gwaji ta tarihin ƙasar Hausa, alhali shafi huɗu na cika. Tambayar ita ce: "Tattauna dalilai uku da suka haddasa jihadin 1804." Ranar da aka maido mana da takardu makin kawai na kalla, na naɗe takardar na cusa a jaka. Sai bayan kwana uku na buɗe ta, na bi jan biron malam layi-layi.

A shafin farko ya ja dogon layi daga sama har ƙasa, ya rubuta kalma ɗaya: "Labari." Da farko na ɗauka yana nufin abin da na rubuta ba gaskiya ba ne. Na koma littafi na duba. An haifi Shehu Usmanu a Maratta a 1754, ya zauna a Ɗagel, ya yi yawon wa'azi a Zamfara da Kabi. Babu kuskure ko ɗaya. Sai da na sake karanta tambayar a bayyane na tsaya a kan kalmar "dalilai". Shafi ɗaya da rabi na yi ina ba da tarihin rayuwa, babu jimla ko guda da ta faɗi abin da ya jawo yaƙi. Maki ɗaya ya ba ni a nan, na gabatarwa.

Wanda ya fi ɗaure mini kai shi ne "Sai me?" da ya rubuta a shafi na biyu. A wurin na kawo dokokin Sarkin Gobir Nafata: an hana kowa wa'azi sai Shehu, an hana maza naɗa rawani da mata lulluɓi, an ce wanda bai gaji Musulunci ba ya koma addinin iyayensa. Na jera su daidai, ya ba ni biyu cikin biyar. Har na ji kamar gatse yake yi mini. Daga baya na gane tambaya ce ta gaske, kuma amsarta ce sauran maki ukun. Rawani da lulluɓi su ne alamar da ake gane jama'ar Shehu da ita, don haka hana su yunƙuri ne na rusa jama'ar. Hana shiga addini kuma toshe hanyar ƙaruwarta ne. Daga nan zama ƙarƙashin Gobir ya zama zaɓi tsakanin bin sarki da bin malami. Wannan bayanin jimla uku ne kacal, amma su ne ke mayar da doka ta zama dalili. Ni na kawo dokar na wuce, na bar wa malam aikin haɗawa.

A ƙasan wannan na rubuta cewa talakawa sun sha zalunci a hannun sarakuna. Ya ja layi ƙarƙashin "zalunci" ya rubuta "Wane iri? Wa ya faɗa?" Maki ɗaya. Wannan bai yi mini wuyar fahimta ba, domin na san amsar, ban dai rubuta ba: jangali a kan makiyaya, kuɗin gari, gaisuwar da ake kai wa masu mulki, waɗanda littafin Kitabul Farƙi ya lissafa cikin abubuwan da ake tuhumar sarakuna da su.

Sai sakin layin da na fi rainawa, layi bakwai da na rubuta a gurguje kan harin Gimbana. Shi ya samu huɗu cikin biyar, da alamar yabo. Na yi ta juya shi don in ga abin da ya bambanta shi da sauran. Na faɗi abin da ya faru: dakarun Sarkin Gobir Yunfa, magajin Nafata, sun kama mutanen Abdussalami, almajirin Shehu, aka biyo da su ta kusa da Ɗagel, jama'ar Shehu suka kwance su. Sannan na rubuta "wannan ya sa", na nuna yadda abin ya kai ga umarnin barin Ɗagel da hijira zuwa Gudu. A duk shafuka huɗun, nan kaɗai kalmomin "wannan ya sa" suka fito. Na ƙirga don in tabbatar.

Shafin ƙarshe kuwa, inda na zuba ƙarfina kan yaƙin Tabkin Kwatto da faɗuwar Alƙalawa, babban birnin Gobir, a 1808, ya soke shi da layi biyu ya rubuta "Sakamako." Sifili. Abin da ya faru bayan an fara yaƙi ba zai zama dalilin fara shi ba, kuma ya cinye mini kusan minti goma sha biyar da kammalawa take buƙata.

Na sake rubuta amsar a shafi ɗaya da rabi, kowane dalili da abin da ya faru, da hujjarsa, da yadda ya kai ga yaƙi. Na kai wa malam ofis. Ya karanta bai ce komai ba, sannan ya zagaye sakin layi na biyu ya ce, "To, yanzu ka amsa mini sai me."