Cokali uku Kawu ya ji

Talata. Ban so in rubuta komai yau ba saboda idona har yaji yake, amma abin da Kawu ya faɗa bayan la'asar ya ƙi barina in kwanta.

Aikin bidiyon ruwan gishiri da sukarin nan ne dai, wanda na yi ta mita a kansa tun sati biyu da suka wuce. An gama ɗauka, an gama haɗawa, Oga ya kulle komai, sai a ƙarshe aka tuna ai an ce a sa muryar bayani saboda makafi, shi ne aka turo min fayil ɗin da rubutun wasan aka ce gashi nan ki cike. Minti huɗu da sakan goma ne. Tun asuba na zauna na buɗe sautin a manhajar Audacity, don a nan ne ake ganin inda magana take kamar duwatsu da inda aka yi shiru layin ya kwanta, na bi ina sa alama duk inda babu wanda ke magana. Gurbi sha bakwai na samu da suka kai sakan biyu ko fiye, in an haɗa su duka ba su cika minti ɗaya ba. Matan nan biyu, uwar yaron da maƙwabciyarta, wallahi ba sa numfashi, wannan na rufe baki waccan ta ɗauka.

Ni ban iya lissafi da kalmomi ba, da gaɓa nake yi, don "ta" kalma ce "maƙwabciyarta" ma kalma ce. Na auna bakina tuntuni, in ina karatu a natse ba kamar mai sanarwar cigiya ba, gaɓa biyar nake yi a sakan. Kuma ba a cinye gurbin duka, sai ka bar ɗan fili gaba da baya don kar muryarka ta manne da ta 'yar wasa mai sauraro ya rasa wa ke magana. Gurbin sakan uku kenan sakan biyu da rabi ne a hannuna, gaɓa sha biyu, in na matsa sha uku.

Kafin azahar na gama zubin farko, na ɗauki muryata da waya na ɗora a kai, ina ta jin daɗin kaina. Har na sa "Uwar ta dubi yaron cikin damuwa" a wani gurbi mai faɗi ina ganin na yi adabi.

An ɗauke wuta. Auta ta ƙona wake.

Da yamma na ɗauki kwamfutar na tafi wajen Kawu, tunda shi makaho ne, na same shi a zaure da rediyonsa a cinya kamar kullum. Na ce Kawu ga wani abu ina so ka ji min. Ya kashe rediyon, abin da ba ya yi wa kowa, na kunna. Bai ce uffan ba har aka zo wajen haɗin. A wasan maƙwabciyar tana cewa "ki samu ruwa mai tsabta lita ɗaya, ledar fiya wata biyu kenan", sai ta ce "sukari kuma ki zuba kamar haka", sai shiru na sakan uku, cokali na bugun bakin jug. Ni kuma a gurbin na ce "Ta zuba sukari a ruwan." Sai Kawu ya ɗaga hannu na tsayar.

Ya ce, "Cokali uku ko?"

Na ce a'a Kawu, shida ne.

Ya ce, "To ni uku na ji. Ƙwal, ƙwal, ƙwal. Mayar ki ji."

Na mayar. Uku ne. Oga ya yanke hoton don kar a gaji mai kallo, an nuna zubi uku kawai, sai rubutu ya fito a ƙasan allo yana cewa cokalin shayi 6 a shafe. Ni da na kalli wajen nan ya fi sau ashirin ban taɓa lura ba, saboda idona yana karanta shida kunnena kuma ya tafi hutu. Shi kuwa da kunne kaɗai ya ƙirga, kuma abin da bidiyon ya gaya masa ƙarya ne, ni kuma da aka ɗauko don in gyara sai na ɓata gurbin wajen gaya masa abin da ya riga ya sani, ai matar da bakinta ta ce sukari.

Ya ce, "Ke 'yar nan, wancan wajen da kika ce uwar tana cikin damuwa, na ji a muryarta tun kafin ki faɗa, ai makaho ne ni ba kurma ba. 'Kamar haka' ɗin nan shi za ki faɗa min. Haka yaya?"

Na yi dariya amma raina ya ɗan sosu, don gaskiya ce. Duk inda marubucin wasan ya sa "haka", "wannan", "nan", "ga shi", to rami ne ya haƙa wa wanda ba ya gani. Lita ɗayan da aka faɗa da baki ba ta buƙaci komai daga wajena ba. Da ya rubuta "ki zuba cokalin shayi shida a shafe" a bakin maƙwabciyar, da ba ni da aiki a wajen sam.

Muka zauna gyara a nan zauren, ina ƙirga gaɓa da yatsu yana min dariya. "Ta zuba sukari cokalin shayi shida a shafe" gaɓa sha shida ne, ba zai shiga ba sai dai in hau kan maganar uwar, kuma abin da ba a yi kenan, in murya biyu suka haɗu duka biyun sun tafi. Na cire "ta zuba", saura sha uku, a ƙurarren lokaci. Na so in cire "a shafe" Kawu ya hana, ya ce in aka ce wa mace cokali shida tulawa za ta yi, kuma yana da gaskiya, sukarin in ya yi yawa ƙara zawon yake yi ba rage shi ba. Na so in cire "shayi" ya ce to sai ta ɗauko cokalin cin shinkafa.

Mafitar daga baya ta zo, wato daga wani gurbi da ya riga ya wuce. Wajen minti ɗaya da sakan ashirin akwai sakan bakwai da maƙwabciyar ke wanke hannu, ni kuma na cika shi da zancen buta da ruwa yana zuba, abin da kowa ke ji. A hoton kuma ga faifai a gabanta da kayan haɗin duka. Sai na mayar da shi "Ta wanke hannu da sabulu. A faifai ga jug, sukari, gishiri da cokalin shayi." Sabulun na bari don shi ba ya ƙara. Tunda an riga an san wane cokali ne, in an zo wajen zubi "cokali" kaɗai ya isa, gaɓa sha ɗaya:

```
00:01:42.300 --> 00:01:44.700
Sukari cokali shida a shafe.
```

Na karanta a kan hoton ya zauna daram, har da sauran numfashi kafin uwar ta ce "to". Kawu ya ce yawwa. Wallahi daɗin da na ji kamar an ba ni kujerar Makka.

Sai gishiri. Nan ne abin ya tsaya min a wuya har yanzu. Maƙwabciyar ta ce "gishiri kuma ɗan wannan ya isa", tana nuna rabin cokali, uwar ta amsa nan take da wata doguwar tambaya, ko rabin sakan babu a tsakani. Gurbi na gaba sai bayan sakan sha ɗaya lokacin da take juyawa. Na sa "Gishirin da ta sa rabin cokali ne a shafe" a can, ya shiga, sakan huɗu ne wajen. Amma Kawu ya ce wadda ke bin bidiyon tana haɗawa ai ta riga ta zuba nata kafin ki zo. Kuma gishiri ba abin wasa ba ne a cikin yaron da zawo ya riga ya tsotse, in ya yi yawa illa ce babba.

Na kira Oga daga zauren na ce ka daskarar min da hoton sakan uku bayan "ɗan wannan ya isa", in faɗi awon, sai a ci gaba. Ba ni na ƙirƙiro ba, a ƙa'idojin WCAG na sauƙaƙa wa masu nakasa amfani da intanet ma akwai shi, lamba 1.2.5 ita ce bayanin da ake cusawa a gurbin da ke akwai, 1.2.7 kuma ita ce wadda ake tsayar da bidiyon in gurbin bai isa ba. Ya ce ya sani, amma masu aikin sun sa hannu a kan minti huɗu da sakan goma, in ya taɓa tsawon sai kiɗan ya goce, rubutun ƙasa ya goce, sai an koma an sake neman amincewa. Na ce ai fayil na biyu za ka fitar ko ta yaya, tunda a WhatsApp za a yaɗa kuma can babu wajen zaɓen murya, to na biyun ya fi na farkon da sakan uku mana. Ya ce zai duba. Kun san "zai duba" ɗin Oga.

Na roƙe shi dai ya rage kiɗan a ƙarƙashin muryata amma kar ya taɓa kukan yaron da ƙarar cokali. Sai da na kashe wayar na tuna ƙarar cokalin ce ta ce uku. Yanzu mai sauraro zai ji ni ina cewa shida yana jin ƙwal uku a ƙasa. Na tambayi Kawu wanne zai yarda da shi, ya yi shiru, ya ce ke zan yarda da ke don na san ki.

Wani ƙaramin abu kuma da ya kama min: duk inda na ce "ta", mata biyu ne a ɗakin, wace? Sai da na bi na mayar da wasu "uwar", maƙwabciyar kuma na bar mata "ta" tunda "maƙwabciyarta" kaɗai gaɓa biyar ne, sakan guda cur. Layin damuwar nan na goge shi, na sa "Uwar ta taɓa goshin yaron", abin da ta yi kenan.

A hanyar dawowa mai adaidaita ya ce ba shi da canji, na bar masa. Waken Auta da ɗan ƙauri amma an ci.

Gobe da safe za mu shiga ɗaukar murya ta gaske, ƙarfe tara. Na rubuta wajen gishirin iri biyu, ɗaya na tsayarwa ɗaya na bayan sakan sha ɗaya, zan karanta duka in bar wa Oga a fayil. Har yanzu bai amsa saƙona ba, amma ya gani, alamar ta yi shuɗi tun tara saura.