Kada ku daidaita q1 da q2 tun da wuri: shawara kan lissafin Cournot

Ƙannena masu karatun tattalin arziki a nan Legas, na Akoka da na Ojo, akwai lissafin da kusan kowa ke tuntuɓe a kansa a wuri ɗaya, ni ma nan na sha tuntuɓe. Shi ne na kamfanoni biyu da kowanne ke yanke yawan kayan da zai kawo kasuwa a lokaci guda, ba tare da ya ga na ɗan'uwansa ba. Bafaranshen nan Antoine Augustin Cournot ne ya tsara shi a 1838, da misalin masu maɓuɓɓugar ruwa biyu. Mu kuwa tumatir ya fi kusa da mu.

Mu ƙaddara 'yan kasuwa biyu ne kaɗai ke kawo tumatir Mile 12, ko da yake a zahiri sun fi haka nesa ba kusa ba. Kowanne yana lodi a Arewa, bai san kwando nawa ɗayan ya ɗora ba. Sai motoci sun iso kasuwa take yanke farashi bisa jimillar abin da aka sauke. Abin da kowanne ke zaɓa shi ne yawa, farashi kuwa sakamako ne. Alƙaluman nan na koyo ne kawai:

```
P = 70 − 2Q
Q = q1 + q2
c = 10
```

P farashin kwando ne a dubban naira, q1 da q2 ɗaruruwan kwanduna ne, c kuma abin da kowane kwando ke ci kafin ya iso, wato ₦10,000.

Ku shiga rigar na farko. Ribarsa ita ce farashi a cire kuɗin da ya kashe, a ninka da nasa kayan kaɗai:

```
π1 = (70 − 2q1 − 2q2 − 10)q1
π1 = 60q1 − 2q1² − 2q1q2
```

Wasu tun a nan suke ninkawa da Q, alhali ba ya karɓar kuɗin kwandunan abokin hamayyarsa. Yanzu a nemi yadda ribar ke canzawa idan q1 ya motsa, a riƙe q2 kamar lamba tsayayya, domin ba shi da iko a kanta:

```
dπ1/dq1 = 60 − 4q1 − 2q2 = 0
q1 = 15 − q2/2
```

Wannan shi ne layin martaninsa. Ku karanta shi da Hausa kafin ku wuce. Idan yana zaton ɗayan ba zai kawo komai ba, zai loda 15, wato kwando 1,500, abin da mai kasuwa shi kaɗai zai kawo. Duk kwando biyu da yake zaton ɗayan zai ƙara, shi zai rage ɗaya. Idan ɗayan ya kai 30, farashi ya riga ya faɗi zuwa 10, zama a gida ya fi masa.

Ku dubi 4 da 2 ɗin nan da kyau. Me ya sa nasa kayan ke ɗauke da 4, na ɗayan kuma 2? Saboda idan ya ƙara lodi, farashin yana sauka har a kan kwandunan da ya riga ya loda, asarar ta zo masa sau biyu ke nan. Duk wanda ya samu 4 a gaban q2 ma, ya ɗora wa kansa asarar da ba tasa ba.

Na biyu ma haka zai yi, ya samu q2 = 15 − q1/2. Daidaito yana inda layukan biyu suka haɗu, inda zaton kowa game da ɗan'uwansa ya zama gaskiya. A sa na biyu cikin na farko: q1 = 15 − (15 − q1/2)/2, wato q1 = 7.5 + q1/4, sai q1 = 10, q2 ma 10. Jimilla 20, farashi 30, ribar kowanne 200, wato naira miliyan 20. A dunƙule, idan P = a − bQ ne kuma kuɗin kashewa ɗaya, kowanne zai kawo (a − c)/3b.

To ga babban ramin. Ɗalibi ya ga kamfanonin iri ɗaya ne, ya san amsar za ta fito q1 = q2, sai ya ce bari ya rage wa kansa aiki, ya sa q a wurin duka biyun tun a lissafin riba. Ribar ta zama (60 − 4q)q, ya samu 60 − 8q = 0, q = 7.5. Lissafin ya tafi sumul, babu alamar kuskure, shi ya sa yake da haɗari. Amma tambaya ce daban aka amsa. Da ka sa q1 = q2 kafin ka nemo martani, ka ce ke nan duk kwandon da na farko ya ƙara, na biyu ma dole ya ƙara. Wannan haɗin baki ne: su kawo 15 tare, farashi ya tsaya a 40, kowa ya samu 225.

Za ku ce ai 225 ya fi 200, me zai hana su tsaya a nan? Ku sa 7.5 a layin martani ku gani. Idan na farko ya amince ɗayan zai loda 7.5, abin da ya fi masa shi ne 15 − 3.75 = 11.25. Farashi ya sauka zuwa 32.5, ribarsa ta haura 253, na mai cika alkawari kuma ta faɗi zuwa 168.75. Kowanne ya san ɗayan na iya wannan tunanin a wajen lodi. Shi ya sa 7.5 ba daidaito ba ne. A 10 da 10 kuwa, babu wanda zai ƙaru idan ya sauya shi kaɗai. Ana iya amfani da q1 = q2, amma sai bayan an fitar da 60 − 4q1 − 2q2 = 0, kuma sai idan kuɗin kashewarsu ɗaya ne. A lokacin 60 − 6q = 0 zai ba ku 10 nan take.

Idan kuɗin ya bambanta, hanyar yanken nan ta mutu gaba ɗaya. A ce na biyu hayar mota yake yi, kwandonsa na cin 16. Martanin na farko bai canza ba, na biyu kuma ya koma q2 = 13.5 − q1/2. Amsa ita ce q1 = 11, q2 = 8, farashi 32, riba 242 da 128. Abin da nake so ku lura da shi: tsadar da ta samu na biyu ta ƙara wa na farko lodi, amma ɗaya kawai ya ƙara a madadin biyun da aka rasa, don haka mai saye ya biya ƙari. Tsarin gaba ɗaya shi ne q1 = (a − 2c1 + c2)/3b. Alamar c2 tarawa ce, kuma masu haddar da ba su fahimta ba sukan juya ta.

Tsarin ma yana da iyaka. Idan c2 ya kai 46, zai ba ku q2 = −2 da q1 = 16. Ba a loda kwandon da ke ƙasa da sifiri. Na biyu ya fita ke nan, kuma 16 ɗin ma ba daidai ba ne: a sa q2 = 0 a martanin na farko, amsa 15. A misalinmu wannan na faruwa da zarar c2 ya kai 40.

Kafin ku miƙa takarda, ku mayar da amsoshin cikin layukan martani duka biyun, ɗaya bai isa ba. Sannan ku gwada riba: matuƙar farashi layi ne miƙaƙƙe, kuɗin kowane kwando bai canzawa, kuma babu wani kuɗin dindindin, ribar kowanne a daidaito dole ta zama b a ninka da q². Ga 11, 2 × 121 = 242. Ga 8, 2 × 64 = 128. Ga 7.5 kuwa 112.5 za ta bayar, wadda ba ta dace da 225 ba, nan take asiri ya tonu. Kuma ku karanta tambayar sau biyu: idan an ce ɗaya ya fara lodi ɗayan yana gani, lissafin Stackelberg ne, idan kuma farashi suke yankewa, na Bertrand ne, layukan da muka fitar ba za a haɗa su haka ba.