Laraba: masa kashi biyar, da maganar sallama

Tun da hantsi nake kan rubutun bidiyon masa, wancan dogon na minti 12. Auta ya riga ni, jiya ya sa shi a CapCut ya daddatsa shi minti ɗai-ɗai, gunduwa 12, ya kawo min yana murna. Na buɗe ta huɗu, sai na ji muryata tana cewa "sai ki zuba shi a ciki ki juya". A zuba me? A cikin me? Wadda ta ci karo da wannan a TikTok ba ta ga ukun farko ba, ba kuma za ta je nemansu ba. Na ce masa ya ajiye wayar, aikin na biro ne tukuna.

Na bi rubutun ina ja wa duk wani "kamar yadda na faɗa ɗazu", "wancan ƙullun" da "sauran shinkafar" layi. A dogon bidiyo su ne ke riƙe zance, amma kowanne yana jingine ne da abin da mai kallon gajere ba ta gani ba. Daga nan na daina duba agogo, na koma ga tambayoyin da mata suka fi turo min. Biyar suka fito: jiƙo da niƙa, kaurin ƙullu, ƙullun da ya ƙi tashi, tsami, sai suya a tanda.

Na auna bakina, kalma wajen 125 nake yi a minti in ba na sauri. Na ba buɗewa kalma 15, rufewa 15, sauran na darasi. Na ƙullun da ya ƙi tashi na fara gyarawa. A da yana farawa ne da "to bayan mun dawo daga niƙa". Yanzu ya zama: "Ƙullun masarki ya kwana bai tashi ba? Kafin ki zargi shinkafa, gwada yis ɗinki." Sai gwajin: ruwa mai ɗumi, ba mai zafi ba don zafi na kashe yis, ɗan sukari, yis ƙaramin cokali ɗaya, a jira minti 10. In bai yi kumfa ba ya mutu. Na rufe da kofi biyu gefe da gefe, mai kumfa da maras kumfa, na ce "wannan za ki zuba, wancan ki zubar". Ban sa "ku biyo ni kashi na gaba" ba, ina so wadda ta ga wannan kaɗai ta tashi da abin yi. Awo kuma dole in maimaita shi a kowane kashi, don "cokali ɗaya" ba ya nufin komai in ban ce na gwangwani huɗu na shinkafar tuwo ba ne.

Ina cikin karantawa da ƙarfi Hajiya ta ɗaga labule.

"Ke da wa kike faɗa?"

"Ba faɗa ba ne Hajiya, buɗewar bidiyo ce."

"Haka za ki faɗa wa mutane gida ba sallama? Ko maroƙi yana sallama."

Na yi mata bayani cewa gaisuwar da na saba, da tambayar gida da yara da gajiya, tana cin daƙiƙa 20, kashi ɗaya cikin uku na minti ke nan, kuma kafin in gama mai kallo ta ja yatsa ta wuce. Ta saurara har na kai aya, ta ce, "Wadda ba za ta jira sallamarki ba, za ta jira ƙullu ya tashi?" Ta saki labule.

Maganar ta tsaya min a rai har la'asar. Lissafina daidai ne, ita ma gaskiya ta faɗa. A ƙarshe na bar "Salamu alaikum" ita kaɗai, daƙiƙa ɗaya da ɗoriya, hoton ƙullun na kan allo tun kafin in buɗe baki, tambayar ta biyo nan take. Tambayar gida da yara na bar wa dogon.

Wuta ta ɗauke da magariba. Ɗaukar murya sai gobe. Tuwon masara, miyar kuɓewa.

Abin da ya hana ni barci shi ne labarin tandar ƙasa ta Kaka, yadda take shafe sabuwa da mai ta gasa ta kafin masar farko don kada ta kama. A dogon rubutun minti biyu ya ci, shi na fi so a ciki. Na gwada cusa shi a kashin suya, ya ture bayanin rage wuta, wanda in babu shi baya zai ƙone ciki na ɗanye. Na cire. Takardarsa na nan a ƙarƙashin filo, na rubuta "na shida" a samanta, na kasa samo tambayar da zan buɗe shi da ita.