Inda datar WhatsApp ke zurarewa, da yadda muke toshe ta a shagonmu

Shagonmu na gyaran waya ne da sayar da data a Kano, kuma ƙorafin da ya fi kowanne yawa a bakin teburinmu shi ne: "Maigida, datar nan taku ba ta da auki, shekaranjiya na saya har ta ƙare." Mai sayar da data ba shi da wata hanya ta tsotse abin da ya riga ya shiga layin mutum. Amma gardama ba ta gamsar da kwastoma, don haka sai mu ce ya buɗe wayar mu duba tare.

Wurin da muke fara shiga a WhatsApp shi ne Settings, sannan Storage and data, sannan Network usage. Nan manhajar da kanta take rubuta abin da ta ci, kashi-kashi: Calls daban, Media daban, Messages daban, Status daban. Saƙon rubutu kusan ba ya cin komai. Galibi layin Media ne za ka gani ya kumbura. Sai dai a lura, lissafin ya haɗa har da abin da aka sauke ta Wi-Fi, kuma yana iya zama na watanni. Shi ya sa muke danna Reset statistics a ƙasan shafin, mu duba ragowar data da *323#, mu ce mutum ya dawo bayan kwana biyu ko uku. A lokacin ne alƙaluman za su faɗi gaskiya.

Ga irin lissafin da muke yi wa mutum a takarda. A ce magidanci yana cikin guruf shida: na dangi, na unguwa, na tsofaffin ɗalibai, na kasuwa, da biyu na wa'azi. A ce a wuni ana turo bidiyo 10, kowanne MB 8, da hotuna 40, kowanne kamar KB 100. Hotunan nan duka MB 4 ne kacal. Bidiyon kuwa MB 80. A mako bidiyo kaɗai ya lashe MB 560, fiye da rabin GB 1 ɗin da ya saya, alhali wataƙila biyu ko uku ya kalla. Abin haushin ma, bidiyon biki ɗaya ko na wani malami yakan zagayo ta guruf uku.

Maganin yana cikin shafin nan na Storage and data, ƙarƙashin Media auto-download. A wayar Android layuka uku ne: When using mobile data, da When connected on Wi-Fi, da When roaming. Kowanne idan ka taɓa shi zai nuna akwatuna huɗu, Photos, Audio, Videos da Documents. A layin farko muna cire alamar da ke kan dukkansu mu danna OK, har sai ya nuna No media. WhatsApp sabuwa fil hotuna kaɗai take saukewa da datar layi, don haka idan muka tarar an yi wa Videos alama, to wani ne ya sa, ko mai wayar ko yaran gida. Wanda sana'arsa ta hoto ce, kamar mai sayar da atamfa da leshi ko tela, muna bar masa Photos, tunda mun ga ba su ne matsalar ba. Documents kuwa ba ma bari ko ga wa, domin tun 2022 ana iya tura fayil har na GB 2, kuma mutane suna tura dogon bidiyo a matsayin fayil don kada a rage masa kyau. Guda ɗaya ya isa ya kwashe datar wata. A iPhone tsarin a juye yake: kowane nau'i za ka shiga ka zaɓa masa Never, ko Wi-Fi, ko Wi-Fi and Cellular.

Bayan an kashe, ba abin da ya ɓace. Hoto ko bidiyo zai zo dishi-dishi da 'yar kibiya a tsakiya da girmansa a rubuce. Ka ga MB 3, ka taɓa. Ka ga MB 45 daga wanda kullum turo-turo ne aikinsa, ka wuce. Saƙon murya na naɗa-ka-tura kuwa yana sauka da kansa ko me aka saita, kuma ba shi da nauyi.

Layi na biyu, na Wi-Fi, shi ne inda ƙwarewa take, kuma nan masu gyaran ganin-ido suke faɗuwa. Ba kullum ne waya take sanin bambancin Wi-Fi na ofis da hotspot ɗin wayar matarka ko 'yar MiFi ɗin da ka zuba wa data da kuɗinka ba. Sau da yawa duk Wi-Fi ne a wajenta, kuma layin nan a buɗe yake zuwa, All media. Da zarar ka jona, sai sauke-sauken ya koma kan datar mai hotspot. To duk wanda ya ce mana da hotspot ko MiFi yake amfani, layin nan ma No media muke mayar da shi. Na ukun, na roaming, ya shafi 'yan kasuwar da ke tsallakawa Maraɗi ko masu tafiya Umara da layin gida. A tabbata yana kan No media.

Wani kuskuren da muke yawan gyarawa: mutum ya kashe Media visibility ya ɗauka ya gama. Wannan ɓoye hotuna kawai yake yi daga ma'ajiyar hotunan waya, saukewar tana nan, datar tana tafiya.

Sai kira. A shafin dai akwai makunni mai suna Use less data for calls. Idan aka kunna, WhatsApp tana matse muryar, sai ta ɗan rage tsabta amma ana jin magana sarai. Kiran murya dama ba ya kai MB 1 a minti, saboda haka wanda zai ga bambanci sosai shi ne mai doguwar hira, irin mai ɗa a Saudiyya da suke awa guda a waya. Kiran bidiyo ya ninka na murya sau da yawa, kuma babu makunnin da zai mayar da shi mai araha. A gaisa a ga juna, sannan a kashe kyamara a ci gaba da magana. Gwajin ba wuya: ka yi kiran minti 5 makunnin a kashe, ka sake wani na minti 5 a kunne, ka shiga Calls ka taɓa kowanne, za ka ga tsawonsa da datar da ya ci. Haka maigidana ya koya mini a kasuwar waya ta Farm Centre, kada ka ce wa kwastoma "ya ragu" sai ka nuna masa lamba.

Abin da ke ba mu takaici shi ne wayoyin da ake kawo mana bayan wani ya karɓi kuɗi ya cusa musu manhajar da wai tana adana data, ko jabun WhatsApp. Ta farkon talla take saukewa da datar da aka ce za ta tsare, jabun kuma tana iya jawo a rufe wa mutum lambarsa. Mu sai mun cire su kafin mu fara. Sannan a gama aiki mutum ya ce, "Haba maigida, ɗan taɓe-taɓen nan ne har da biya?" Wanda ya sayi data a wajenmu dai kyauta muke saita masa, har da Telegram idan yana da ita, don ita ma tana da irin waɗannan makunnai a ƙarƙashin Data and Storage. Idan bayan kwana uku Network usage ya nuna Status ne ya hau sama, to wannan kallon da mai wayar yake yi ne da hannunsa, sai dai mu nuna masa lambar.